Ina neman shawara kan takardar gargaɗi ga mai kitso

Assalamu alaikum. Ina da shagon kitso da lalle a Kano, muna buɗewa ƙarfe 9 na safe. Ɗaya daga cikin ma'aikatana, wadda hannunta ya fi na kowa kyau, ta mayar da makara ɗabi'a. Sai ta iso wajen 10:30, amarya na zaune tana jira. Na yi mata magana da baki, ba ta canza ba, shi ya sa nake son ba ta takardar gargaɗi.

Na riga na rubuta ranakun da lokacin isowarta daga littafin sa hannu, da wa'adin wata ɗaya ta gyara, da wurin da za ta rubuta uzurinta, domin na san tana kai yara makaranta, kuma ba na son in zalunce ta.

Inda na maƙale shi ne gargaɗin baki da na yi a baya, ban rubuta shi ko'ina ba. Zan iya ambatonsa a takardar, ko wannan ce za ta zama gargaɗi na farko? Kuma idan ta ƙi sa hannu cewa ta karɓa, shaidar abokiyar aikinta ta wadatar? Don Allah masu shago da suka taɓa yi, ku taimaka min.