Sandar 24 ta fi ta 18 gajarta, kuskure ne?

Maman Hafsa, Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba 'yata aikin gida, ta zana histogiram, wato zanen sanduna, na mintunan da ɗalibai 60 ke yi kafin su isa makaranta. Jadawalin: minti 0–10 mutum 12, 10–20 mutum 18, 20–40 mutum 24, 40–60 mutum 6. Tsawon sandunanta kuma 1.2, 1.8, 1.2, 0.6. Sandar 24 ta fi ta 18 gajarta! Ta goge ne?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ta goge mana. Rukunin da ya fi jama'a shi ne mai doguwar sanda, haka aka koya mana.

Malam Habu, Makka: Alhaji, maganarka tana nan daidai idan faɗin rukunan ɗaya ne. A nan biyun farko minti 10 ne, biyun ƙarshe minti 20. In faɗi ya bambanta, filin da sanda ta cinye shi ke nuna yawan mutane, shi ya sa ake raba yawan da faɗin rukuni kafin a zana tsawo.

Hajiya, kar ta taɓa wannan sandar. Ki ɗauki kowacce ki ninka tsawonta da faɗinta, ki duba jadawali. Ta farko 1.2 sau 10, 12. Ta biyu 1.8 sau 10, 18. Ta uku 1.2 sau 20, 24 cif. Dubi ta ɗaya da ta uku: kansu ɗaya, amma ta uku ta ninka faɗi, don haka ta ninka mutane.

Inda ta yi tuntuɓe ita ce ta ƙarshe, wadda ba ki ma zarga ba. 0.6 sau 20 ya ba da 12, jadawali kuwa 6 ya ce. Da 10 ta raba maimakon 20, hannu ya riga ya saba. Kamata ya yi tsawon ya zama 0.3. In kin tara nata yanzu 66 za ki samu, ɗalibai shida sun faɗo daga sama.

Ki sa rula a gindin zanen kuma. Sandar 20–40 dole ta ci gidajen takarda ninki biyu na ta 10–20, kuma kada a bar rata tsakanin sanduna.

Ummu Aisha, Madina: Nawa yaron an rage masa maki bara. Rukuninsu shekaru 10–19, ya ce faɗi 9 ne, ashe 10 ne. Har yau yana jin haushi.

Baban Sadik: To na ji. Amma ni a littafinmu 12, 18, 12, 3 za a rubuta a gefe, ba waɗannan ɗigo-ɗigon ba.

Malam Habu: Akwai masu yin haka, suna ƙirga mutane a kowane minti 10. Siffar zanen ba ta canzawa. Wanda malaminta ke so ne ban sani ba, ta duba misalin da ya yi musu a aji.

Maman Hafsa: Allah ya saka da alheri. Ta sauke ta ƙarshen zuwa 0.3. A littafinta dai misalin duk faɗi ɗaya ne, sai ta tambaye shi ranar Lahadi.