Daren Lahadi, 12 ga Rajab 1340: wace rana zan rubuta ta Miladiyya?

Jikar Malam: Assalamu alaikum. Ana haɗa littafin tarihin malaman unguwarmu a Zariya, aka ba ni shafin kakana. A bangon wani littafinsa mahaifinsa ya rubuta da Larabci cewa an haife shi daren Lahadi, 12 ga Rajab, shekara ta 1340. Masu littafin suna son ranar Miladiyya. Wata manhaja ta ba ni Asabar 11 ga Maris 1922, wata ta ba ni Juma'a 10 ga Maris, ba wadda ta ce Lahadi. Ƙanin babana kuma ya dage 1919 ne. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan kawunki. Ki duba kalandar da ke bango: 2025 ta shigo muna cikin 1446, tazarar 579 ke nan. Ki ɗora 579 a kan 1340, 1919 zai fito. Manhajojin nan ba duka ake yarda da su ba.

Malamin Lissafi: Ɗan'uwa, tazarar nan ba a tsaye take ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366, saboda haka kowace shekara Hijira tana cin kwana goma sha ɗaya, a kusan shekara 33 ta cinye shekara guda cur. Daga 1340 zuwa 1446 shekara 106 ne, ta cinye uku ke nan. Tazarar da take 579 yau, a lokacin 582 ce. Hanyar da nake koya wa ɗalibai ita ce a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622. A nan 1340 sau 0.97 ya ba da 1299.8, a ƙara 622 ya zama 1921.8, wato ƙarshen 1921. Shekarar kawai wannan lissafin yake nunawa, ba ya kai mutum ga rana. Malama, 1919 dai ki ajiye shi. Ki rubuta 11 ga Maris 1922, shi ne abin da yawancin jadawalai za su ba ki.

Baba Mai Kundi: Malam ya yi daidai a kan shekara, amma kada ki yi saurin ɗaukar ranar, 'yata. Bari mu bi lissafin da hannu tukuna, don ki ga inda manhajar ta samo amsarta.

A jadawalin lissafi, 1 ga Muharram 1340 ya faɗo ranar Lahadi, 4 ga Satumba 1921, shekarar kuma ta ƙare 23 ga Agusta 1922. Jadawalin yana ba wa watanni kwana 30 da 29 bi da bi: Muharram 30, Safar 29, haka har zuwa ƙarshe. Watanni shida da ke gaban Rajab sun tashi kwana 177. Ki ƙirga 177 daga 4 ga Satumba, za ki sauka a Talata, 28 ga Fabrairu 1922, shi ne 1 ga Rajab. Ƙara kwana goma sha ɗaya, 12 ga Rajab ya zama Asabar, 11 ga Maris. Ga amsar manhajarki ta farko. Ta biyun kuwa ta fara ƙirga Hijira ne daga Alhamis 15 ga Yuli 622, maimakon Juma'a 16 ga Yuli, shi ya sa kullum take gaba da kwana ɗaya. Duka biyun ba su yi kuskuren lissafi ba.

Abin da ya rage shi ne, mahaifin kakanki bai duba jadawali ba. Wata ya duba, ko ya ji sanarwar an gani. Idan ba a ga jinjirin watan Rajab a Zariya ba sai daren da ya biyo bayan wanda jadawali ya ɗauka, to 1 ga Rajab a wurinsu Laraba ce, 1 ga Maris, 12 ga wata kuma ya zama Lahadi, 12 ga Maris. Saɓanin kwana ɗaya, wani lokaci ma biyu, tsakanin jadawali da gani abu ne da na saba cin karo da shi a tsofaffin takardu. Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan takarda ta ambaci ranar mako, ranar mako ce alƙali. Mutane suna saɓawa a kan kwanan wata, amma ba a taɓa saɓawa a kan yau Juma'a ce ko Asabar ba, tunda kowane mako ana zuwa masallaci. Sai ki nemi Lahadin da ta fi kusa da abin da jadawali ya bayar. Ga ta nan da kwana ɗaya kacal: 12 ga Maris 1922.

Da a ce Lahadin ta yi nisa da kwana uku ko huɗu, da sai in ce ki koma ki sake karanta rubutun, don alama ce ta an karanta shekara ko wata ba daidai ba.

Jikar Malam: Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu na tuna, goggona ta ce mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa, Ɗanladi take ce masa. Wannan zai iya zama hujja?

Baba Mai Kundi: Hujja ce mai kyau ƙwarai. Da ranar Asabar suka ɗauka, da Ɗan'asabe za ki ji. Kin samu shaidu biyu a kan Lahadi, rubutun uba da bakin uwa.

Sai dai akwai sauran kalma ɗaya da ba mu taɓa ba, ita ce "dare". A lissafin Musulunci yini yana farawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaban yininsa. Shi ya sa muke ce wa daren Alhamis wayewar Juma'a "daren Juma'a", kuma shi ya sa ake fara asham tun daren da aka ga wata, kafin a kai azumin farko. Daren Lahadin malamin da ya rubuta da Larabci ya fara ne daga magaribar Asabar. Miladiyya kuwa ƙarfe goma sha biyun dare take juya rana. Idan an haifi kakanki tsakanin magariba da sha biyu, ranar Miladiyya Asabar ce, 11 ga Maris. Idan bayan sha biyu ne zuwa asuba, Lahadi ce, 12 ga Maris. Rubutun da kika kawo bai raba mana wannan ba.

Malamin Lissafi: To ai mun dawo kan 11 ɗin da na faɗa, Baba.

Baba Mai Kundi: Mun dawo kusa da shi, Malam, amma ta wata hanya dabam. Sha ɗayan jadawali yinin Asabar ne, wanda darensa ya fara tun magaribar Juma'a 10 ga wata. Sha ɗayan da nake magana rabin farko ne na daren Lahadi. Idan ta rubuta "Asabar, 11 ga Maris" a gefen "daren Lahadi" ba bayani, mai karatu zai ɗauka ɗayansu kuskure ne, wata rana wani ya zo ya "gyara" wanda yake daidai.

Hajiya Ta Madina: Ni dai ban ga abin wahala ba. Mu a nan Saudiyya Ummul Ƙura ce kalandar Hijira ta hukuma, ita na bi na daidaita ranar haihuwar yarana. Ki nemi manhajar da take bin ta, ki huta.

Malama Mai Tarihi: Hajiya, ga yaranki da aka haifa can daidai ne, don da ita aka rubuta musu takardar. Amma ita kalandar ƙasar Saudiyya ce, mutanen Zariya na 1922 ba da ita suka tsayar da wata ba, saboda haka ba za ta raba gardamar nan ba.

'Yar'uwa, ga yadda zan rubuta da ni ce: "An haife shi daren Lahadi, 12 ga Rajab 1340 (daren 11 wayewar 12 ga Maris 1922)." Ki sa ta Hijira a gaba, don ita ce aka rubuta a lokacin, ta Miladiyya ke kika lissafo. Idan masu littafin sun ce lallai rana ɗaya za a cike, ni 12 zan sa, saboda ta dace da Lahadin da ke rubuce. Ina sane Baba zai iya ganin akasin haka.

Kuma ki kula da shekarunsa idan kin zo wurin rasuwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi ƙarshen Safar 1168, wanda ya yi daidai da Lahadi 15 ga Disamba 1754, ya rasu 3 ga Jimada Sani 1232, wato 20 ga Afrilu 1817. A ƙirgen Hijira shekara 64 ke nan, a na Miladiyya 62. Idan dangi sun ce Malam ya yi shekara kaza a duniya, ki tambaya da wane ƙirge, kada ki cire ƙirgen wata daga shekarar Miladiyya. Wataƙila ma ta nan 1919 ɗin kawunki ta fito.

Almajirin Sakkwato: Gafarta Baba, ni tawa matsalar dabam ce. Takardar kakanmu ba lamba ko ɗaya, haruffa ne aka haɗa a wurin shekara. Na lissafa da abajada na samu ɗari huɗu da wani abu, abin da ba zai yiwu ba.

Baba Mai Kundi: Ramzi ne, kuma da abajadar Gabas ka lissafa. Malamanmu ta Magrib suke bi: a cikinta shin 1000 ne, sin 300, alhali a ta Gabas shin 300 ne, sin 60. Shekarar da muke magana, 1340, za a rubuta ta shin, sin, mim. Da lissafin Gabas 400 za ta ba ka. Sake lissafa taka, ina jin ƙarni na sha huɗu za ta faɗa.

Game da maganar Malama, ban ƙi 12 ba, amma ni ba na son a tilasta wa takarda ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Da zan roƙi masu littafin su bar dare biyun a rubuce. 'Yata, kin tabbata layin ya ƙare a kan kwanan wata? Sau da yawa sukan ƙara lokaci.

Jikar Malam: Na sake ɗauko littafin yanzu. Akwai kalma biyu bayan "lailatul ahad" da ruwa ya taɓa, na ɗauka addu'a ce shi ya sa ban kawo su ba. Ta farkon tana kama da "ba'ada", ta biyun tawadar ta baje.

Baba Mai Kundi: Wannan ta biyun ita muke nema. Idan isha'i ce ko magariba, 11 ga Maris ne. Idan rabin dare ne, 12 ne. Kada ki sa mata ruwa ko ki goge ta da yatsa. Ki kai littafin gaban taga da hantsi, ki karkata shafin yadda haske zai bi ta gefe, sau da yawa sawun alƙalami yana nan ko tawada ta tafi. Ki ƙirga mana haruffan da kika iya gani.