Sifirin ɗinmu ya faɗa makon Ƙaramar Sallah, maki nawa zan ɗauka?

Nafisa: Assalamu alaikum. Litinin muke zaman tsara sifirin, wato zangon aikinmu na haɗa manhaja na mako biyu, kuma Sallah ta faɗo a mako na biyu. Mu shida ne. Ɗaya na kan sofot, wato magance matsalolin kwastomomi, ɗaya ya ɗauki hutu makon farko gaba ɗaya, wani kuma ya ce zai ƙara kwana biyu bayan Sallah don zai je gida. Da maki muke auna girman aiki, kuma sifirin uku na baya mun gama maki 42, 38 da 40. Oga na cewa a sa 40 yadda aka saba. Don Allah a ba ni shawara.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ki ce wa Oga shi ya zo ya rubuta sauran.

Sadik: Ai lissafin ba wuya. 40 sau takwas bisa goma saboda hutun kwana biyu, 32 ke nan. Sai ki ninka da 0.7 don mitin da sofot da sauran ɓata lokaci. 22. Shi ke nan.

Malam Habu: Sadik, ka cire abu ɗaya sau biyu. Makin nan 40 da suke gamawa, suna gama shi ne da mitin ɗin a ciki, da sofot ɗin, da ɗauke wuta. Ya riga ya ci ragin. 0.7 ɗin nan na wanda ya fara lissafi daga awowi ne, ba shi da tarihi. Nafisa, a waɗancan sifirin ukun ma akwai mai sofot? Kuma wa ya yi fashi?

Nafisa: Kullum mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar aikin sifirin. Bari in duba rajista, Malam.

Nafisa: Na farko kowa na nan. Na biyu ɗaya ya yi jinya kwana huɗu. Na uku an rasa kwana biyu.

Malam Habu: To madalla. Mutum biyar ke aikin, kwana goma, 50 ke nan a na farko. Na biyu 46, na uku 48. Jimla 144, makin kuma 120. In kin raba, kowane kwana na mutum ɗaya yana ba ku kusan 0.83. Yanzu ki ƙirga na gaba da hannu. Kwanakin aiki takwas ne in an ba da hutun kwana biyu, mutum biyar, 40. Cire biyar na mai hutun makon farko, saura 35. Cire biyu na mai tafiya gida, saura 33. Ninka da 0.83, kin samu 27 da ɗoriya. Ni 27 zan kai wa tim a matsayin iyakar sama, su kuma su duba aikin su ce ko zai shiga.

Sadik: Na ji, Malam. Amma wallahi 22 ɗina zai fi kusa da gaskiya, ku rubuta ku ajiye.

Rukayya: "In an ba da hutun kwana biyu." Malam, ka tuna 2024? Ma'aikatar harkokin cikin gida ta ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu. Ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin, sai aka ƙara Alhamis 11. Kwana uku cif. Tun daga nan nake yin lissafi biyu duk Ƙaramar Sallah.

Malam Habu: Gaskiyarki. In an ƙara kwana, biyar sun sake fita, 28 sau 0.83, kusan 23. Ki ɗauki 23 a matsayin alkawari, ki ajiye wani aiki mai maki uku ko huɗu a gefe, wanda in ya kwana babu wanda zai yi kuka.

Sadik: 23 da 22. Na faɗa ko ban faɗa ba?

Kabiru: Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Injiniya Tukur: Ni duk wannan ninke-ninken na yi shi, kuma na sha ƙasa. A wani kamfani da na yi aiki, mu bakwai, mai gwaji ɗaya tal. Ta nemi hutu makon ƙarshe na sifirin, bikin ƙanwarta. Na cire mata kwana biyar kamar kowa, lissafi ya nuna mun rasa maki huɗu kawai. To mu a wurinmu aiki ba ya zama kammalalle sai ya bi ta hannunta, kuma yawancin aikin a mako na biyu yake isowa gare ta. Ranar rufewa, layin jiran gwaji a manhajar Jira ya cika har sai ka ja ƙasa, na kammalawa kuwa kati uku. Kowa ya yi aiki, ba wanda ya zauna, amma abin da za mu nuna bai taka kara ya karya ba. Na tsaya gaban kwastoma ina ta kame-kame. Sannan sifirin na gaba ta dawo ta tarar da tulin, shi ma ya lalace. Saboda haka Nafisa, kafin ki ƙirga kwana nawa, ki duba wane ne zai tafi. In mai gwaji ne, ko wanda shi kaɗai ke iya tura aiki saba, lissafin Malam bai gan shi ba.

Nafisa: Innalillahi. Mai ƙara kwana biyun shi ne mai gwajinmu. Alhamis da Juma'a na ƙarshe.

Injiniya Tukur: To ga shi nan. Ku yanka aikin ƙanana ya riƙa isa gare shi tun makon farko, ko wani ya zauna da shi ya koyi gwajin kafin ya kama hanya.

Ummi: Wai wace manhaja kuke amfani da ita? Mu Azure DevOps, akwai shafin Capacity, ka sa Days off na kowa da na tim, ya lissafa maka.

Rukayya: Awowi yake lissafawa, Ummi, ita maki take tambaya. Excel ma ya ishe ta.

Bashir: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ware mutum sukutum don sofot. Asara ce. Mu kowa na ɗaukar tikiti in ya shigo, sai mu cire kashi goma a jikin kowa.

Malam Habu: Kun taɓa aunawa, ko dai kashi goman a ka yake? Tikitin minti ashirin in ya katse mutum a tsakiyar aiki, ba minti ashirin yake ci ba.

Bashir: Tikitinmu bai fi biyar a mako ba, ranka ya daɗe. In zaunar da mutum kwana goma yana jira?

Malam Habu: A biyar kam ba ni da ja. Amma su Nafisa manhajar biyan kuɗi suke yi in ban manta ba, kuma jajiberin Sallah kowa na tura kuɗi. Mutum ɗaya ma ba lallai ya isa ba. Nafisa, duba tikitin makon Sallar bara. In ya ninka, ki cire kwana biyu ko uku na mutum na biyu.

Kabiru: Ba wanda ya yi maganar goman ƙarshe. Mutum ya kwana tahajjud, ƙarfe goma na safe yana kallon allo, allo na kallonsa.

Rukayya: Sifirin ɗin da suka yi 40 ai a cikin azumi ne. Ya shiga lissafi.

Kabiru: Goman tsakiya daban, Hajiya, goman ƙarshe daban.

Nafisa: To in ce masa 23, ko in ƙara ragewa? Ya riga ya faɗa wa na sama 40.

Injiniya Tukur: Kar ki kai masa lamba tsura. Kai masa jadawalin da sunan kowa da ranakun da ba ya nan, ki ce ya nuna miki inda 40 zai fito.

Ummi: Af, waye ma zai riƙe wayar sofot ranar Sallar kanta? Ana biya masa kwanan daga baya?

Nafisa: Ni ce. Ba a yi maganar biya ba.

Kabiru: Allah ya ba da lada. Mu dai a turo mana barka da Sallah.