Na maƙale a kan jigilar yanayin kwantum

Jama'a, ku taimaka min da tsarin kai yanayin wani kubit, wato bit na kwantum, zuwa wani kubit, wanda Bennett da abokan aikinsa suka fitar a 1993.

Matakan dai na gane su. Alis da Bob sun raba kubit biyu masu sarƙe da juna. Alis ta haɗa nata da kubit mai yanayin a|0⟩ + b|1⟩, wato yanayin da take son kai wa Bob, ta yi CNOT, ta yi H, ta auna biyun. Sakamakonta ɗaya ne cikin 00, 01, 10, 11, kowanne da damar kashi 25 cikin 100. Sai ta aika wa Bob bit biyun ta hanyar da ba ta wuce gudun haske, shi kuma ya gyara kubit ɗinsa da X, ko Z, ko duka, ko ya bar shi haka.

Ga inda na tsaya. A lissafina, da zarar ta samu 01, kubit ɗin Bob ya koma a|1⟩ + b|0⟩ nan take, komai nisansa. To ashe a da b ba su riga saƙon isa ba ke nan? An ce in aka haɗa damar huɗun ana samun I/2, wato Bob zai ga 0 ko 1 rabi da rabi, ko me Alis ta yi. Na yarda da wannan in ma'auninsa 0 da 1 ne. Amma in ya auna da |+⟩ da |−⟩ fa? Don Allah wani ya nuna min layi-layi yadda a da b ke ɓacewa a nan.