Dubu arba'in kawai zan iya biya duk wata, wata nawa bashin zai ɗauke ni?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan ku taimaka min. Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, ina so in karɓi 500,000 a wani ƙaramin banki in ƙara jari kafin azumi, sun ce ruwan kashi 3 cikin ɗari ne duk wata. Na zauna na duba cinikina da kuɗin haya da cefane, gaskiya abin da zan iya cirewa ba tare da na taɓa jari ba 40,000 ne duk wata, ko sisi ba zan iya ɗorawa ba. Ni da na raba 500,000 gida 40,000 sai na ga wata sha biyu da rabi, amma ma'aikacin ya ce wai zai kai wata 16. Ina sauran watannin suka fito?

Direban Keke: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa lissafinka bai sa ruwa ba ai. Ni ga yadda aka yi min lokacin da na karɓi kuɗin sayen keke, ruwan kashi 3 na 500,000 ai 15,000 kenan, ka cire shi daga 40,000 saura 25,000, shi ne ke rage bashin. 500,000 raba 25,000, wata 20. To ni ina ga ma sauƙi ya yi maka da ya ce 16, ka koma ka sake tambayarsa.

Tsohuwar Akawu: Dukkanku kowa ya riƙo gefe ɗaya. Na daɗe ina riƙe littafin bashi na ƙungiyar ma'aikatanmu kafin in yi ritaya, kuma wannan gardamar kusan kullum sai an yi ta a gaban teburina. Lissafin Direba daidai ne idan ruwan filat ne, wato kullum a kan uwar kuɗin farko ake ɗora shi ko da ka biya rabi. Amma tunda aka ce maka 16, to naka ruwan yana bin abin da ya rage ne. Ɗauko takarda ɗana. Watan farko ruwa 15,000, ka ba da 40,000, to 25,000 ce ta ci uwar kuɗi, saura 475,000. Wata na biyu ruwan a kan 475,000 za a lissafa, 14,250 kenan, sai 25,750 ta shiga uwa, saura 449,250. Ka ga kowane wata ruwan na raguwa abin da ke cin uwa na ƙaruwa, shi ya sa ba zai kai 20 ba, kuma ba zai tsaya a sha biyu da rabi ba. In ka bi layin har ƙasa, sau 15 za ka biya 40,000 cif, a wata na 16 abin da zai rage da ruwansa wajen 36,000 ne. Gaba ɗaya za ka biya kusan 636,000. Da filat ne 800,000 za ka biya, bambancin ya fi 160,000 a kan "kashi 3" ɗin nan guda, don haka a nuna maka a rubuce wanne ne kafin ka sa hannu.

Direban Keke: Hajiya wallahi nawa filat ne kenan, babu wanda ya taɓa min wannan bayanin, ni dai na ga ina ta biya ruwan bai taɓa sauka ba.

Maman Biyu: Ni dai shawarata ka shiga adashi, mu goma ne a unguwarmu kowa na zuba 50,000, wata goma an gama babu ruwa babu komai.

Ɗan Kwari: Na gode Mama, ina adashi a kasuwa, amma kwasata sai bayan sallah kuma kayan yanzu ake sara. Hajiya babu hanyar da ta fi layi sha shida sauri? Ina so in gwada wasu kuɗaɗen in gani.

Tsohuwar Akawu: Akwai. Raba abin da za ka riƙa biya da abin da ya ci uwa a watan farko, 40,000 raba 25,000 ya ba ka 1.6. Sai ka buɗe kalkuletar waya ka riƙa ninka 1.03 da kansa kana ƙirga, sau nawa kafin ya wuce 1.6? A na 15 yana 1.558, a na 16 ya zama 1.605. To amsarka 16. Dalili kuwa, abin da ke cin uwa yana ƙaruwa da kashi 3 duk wata, kuma bashin na ƙarewa ne daidai lokacin da abin da ke cin uwar ya kamo 40,000 ɗin gaba ɗaya, ruwa ya zama babu.

Mai Shagon Kwamfuta: Masu Excel ko Google Sheets a waya layi ɗaya ne:

```
=NPER(0.03,-40000,500000)
```

Zai ba ka 15.9, sai ka cike shi zuwa 16 tunda ba a biyan ɓarin wata. Kar ka manta da alamar ragewa a gaban 40000, in ka bar ta za ka ga -10.77 ka rasa gane kansa. Sannan in an faɗa maka ruwan na shekara ne misali 36, ka raba shi 12 tukuna. Wani malamin firamare ya zo shagona da nasa, muka buga sai ga `#NUM!`, muka sake har sau uku ina zaton ni na yi kuskure, ashe abin da yake son biya bai kai ruwan watan farko ba ma. Mutumin ya zare tabarau ya yi shiru ya fi minti biyu yana kallon allon. Injin ba lalacewa ya yi ba, cewa yake wannan bashin ba shi da ranar ƙarewa.

Tsohuwar Akawu: Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. A naka ɗana iyakar ita ce 15,000, in ita kake biya to ruwa kawai kake sharewa uwa na nan zaune har abada. Kuma tun kafin ka iso nan abin yake fara muni. Ka biya 30,000 wata 24 ne. Ka sauko 20,000, mutum zai ce ai rabin 40,000 ne sai watannin su ninka su zama 32, ina, wata 47 ne, kusan shekara huɗu, kuma ka biya sama da 930,000. Shi ya sa nake son ka tabbata 40,000 ɗin nan za ta samu har a watannin da kasuwa ke mutuwa bayan sallah, ba a lissafin cinikin azumi ka ɗora ta ba.

Almajirin Malam: Ni gaskiya ba zan ɓoye ba, wannan riba ce kuma kun san hukuncinta. Ni murabaha na yi lokacin da na sayi injin niƙa, irin wadda bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke yi kamar Jaiz da TAJ. Su suka sayi injin suka sayar min a kan farashi ɗaya tsayayye har da ribarsu, to a nan rabawar da ka yi tun farko ita ce daidai, in an ce 620,000 ne kana biyan 40,000, wata sha biyar da rabi, wato 16. Sai dai ribar da za su ɗora tana bin tsawon lokacin da kuka yanke tun farko, don haka ka faɗa musu abin da za ka iya biya kafin a tsayar da farashi.

Ɗan Kwari: Na ji Malam, zan je in tambaya ko suna yi a kan kayan sari. Hajiya tambaya ɗaya, idan wani watan Allah ya buɗa na zuba 100,000 a lokaci guda, watannin za su ragu?

Tsohuwar Akawu: In ruwan na bin ragowa ne kuma suka sa rarar a kan uwa, za su ragu, sai ka sake lissafin da sabon ragowar.

Direban Keke: Ni na gwada haka Hajiya, na kai na wata uku a dunƙule, suka ce sun ajiye min shi ne a matsayin biyan watanni masu zuwa, ko naira ɗaya ba ta sauka daga jimillar ba.

Tsohuwar Akawu: A ƙungiyarmu muna ragewa ko filat ne, amma wannan dokar gidanmu ce. Ɗana ka turo mana hoton shafin da ya yi maganar biya kafin lokaci, ka rufe sunanka da lambar asusu, mu karanta tare.