Lissafi ya ce 9 MHz, rediyon Baba na kama 17 MHz

Assalamu alaikum, malamai. Ɗalibin kimiyyar lantarki ne ni a Kumasi, kuma kwana uku ke nan wannan abu ya tsaya mini a wuya.

An koya mana cewa can sama hasken rana yana ɓalle ilektiron daga iska, su kuma suna da mitar da suke kaɗawa da ita, wato mitar filazma. Igiyar rediyon da ba ta kai wannan mita ba, ilektiron suna bin kaɗawarta su maido ta ƙasa. Wadda ta wuce sai ta huda ta tafi.

```
f_p ≈ 9√N
n² = 1 − (f_p/f)²
```

Na sa yawan ilektiron N = 10¹² a kowace mita kubik, na samu mitar filazma f_p = 9 MHz. To amma a gidanmu a Aboabo, da rana tsaka Baba yana kama tashar waje rangadau a mita 16, allurar na kan 17 MHz.

Na zaci ma'auni na rikita, na sake da santimita kubik, amsar ba ta motsa ba. Na juya lissafin, sai ya nemi N ya kai 3.6 × 10¹², kusan ninki huɗu, abin da bai kwanta mini ba. Da na sa 17 MHz a lissafi na biyu, n, wato ma'aunin lanƙwasar igiya, ya fito 0.85. Bai kai sifili ba, ke nan igiyar wucewa ya kamata ta yi.

Zargina yana kan kusurwa, tunda igiyar tasha mai nisa a karkace take shiga, ba a miƙe ba. Ta yaya kusurwar shiga ke ɗaga iyakar daga 9 zuwa 17 MHz a lissafi? Na gode.