Taƙaitawa: Ƙarfin Tayar Mota Mai Ɗaukar Kaya Masu Nauyi

A tattaunawar da direbobin tirela da masu gyaran taya suka yi kan dakon hatsi da siminti tsakanin Kano da Legas, sun yi ittifaƙi cewa rubutun gefen taya ne abin dogaro. Wani dattijon direba ya bayyana cewa alamar `16PR` ba ta nufin akwai shimfiɗu 16 a cikin tayar, domin tayoyin zamani da wayar ƙarfe ake yin su. Lambar tana nuna ƙarfi ne daidai da na tsohuwar taya mai shimfiɗu 16 na zaren auduga. A wasu tayoyin da harafi ake nuna wannan ƙarfin: harafin G daidai yake da 14PR, H kuwa 16PR, J kuma 18PR.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan taya mai rubutun `315/80R22.5 156/150`. Lamba 156 tana nufin kilo 4,000 idan tayar ita kaɗai ce, 150 kuma kilo 3,350 idan an jera biyu a gefe ɗaya, saboda haka tayoyi huɗu na gatari guda iyakarsu kilo 13,400 ne, ba 16,000 ba kamar yadda wasu ke lissafawa. Wannan ma sai iskar ta cika yadda kamfani ya ƙayyade, kuma a auna ta da safe kafin tayar ta ɗauki zafi.

Masu gyaran sun yi kashedi sosai kan haɗa tsohuwar taya da sabuwa wuri ɗaya, domin wadda ta fi tsayi ita ke ɗaukar yawancin nauyin har ta yi zafi ta fashe. Cinyewar gefuna biyu alhali tsakiya na nan alama ce ta ƙarancin iska ko lodin da ya wuce kima.